Harsuna Dubu Bakwai: Wa Ya Ƙirga, Kuma Me Ya Sa Suka Taru a Ƙasashe Ƙalilan?

Bara da kaka na shiga motar Kafanchan daga garejin Talabijin a nan Kaduna. A kujerar bayana akwai dattijai mata biyu, tun kafin mu bar gari suka kama hira da yarensu, har muka wuce Kujama ba su numfasa ba. Da muka tsaya shan mai a Kachiya na juya na gaishe su, na ce, "Mama, wane yare ne wannan kuke yi?" Ɗayar ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ba ɗaya ba ne. Ni Jju nake yi, ita kuma Tyap take yi." Na ce to ai na ga kuna jin juna sarai. Ta ce, "Muna ji mana. Amma nata daban, nawa daban."

Wannan 'yar amsa ita ce dukkan wahalar da ke cikin ƙirga harsunan duniya. Mutum biyu suna hira babu tafinta, kowa da nasa bakin, kuma kowa ya haƙiƙance nasa daban ne. Mai ƙirga zai rubuta ɗaya ne ko biyu?

Adadin da aka fi ji, wato harsuna dubu bakwai da ɗari ɗaya da 'yan kai, ya fito ne daga wani kundi mai suna Ethnologue. Wata ƙungiyar Kiristoci masu nazarin harshe, SIL, ita ke fitar da shi tun 1951, kuma asalin abin da ya sa suka fara shi ne su san harsunan da ba a fassara Baibul a cikinsu ba. Bugun farko harsuna 46 kacal ya ƙunsa. A 2009 adadin ya kai 6,909, yanzu kuma ya haura 7,100, yana ɗan hawa yana ɗan sauka kowace shekara. Ba haihuwar sababbin harsuna aka yi ta yi a tsakani ba. Masu ƙirgar ne suka ƙara shiga lunguna, suka kuma raba wasu da a da suke ɗauka ɗaya ne. Akwai kundi na biyu, Glottolog, wanda masana a cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus ke kula da shi. Shi ba ya karɓar harshe sai an nuna masa shaida a rubuce, ko jerin kalmomi ko nahawu, da ke tabbatar da cewa harshen ya wanzu kuma ya bambanta da maƙwabtansa. Jimillarsu ba ta zuwa daidai, amma ba su yi wa juna nisa ba.

Tun 2007 kowane harshe yana da lambar shaida ta haruffa uku a ƙarƙashin wani ma'auni na duniya, ISO 639-3, kuma SIL ɗin ce aka damƙa wa riƙon rajistar. Hausa hau ce, Tyap kcg, Jju kaj. Ke nan a rajista Mama ce ta yi gaskiya, biyu aka rubuta. Wanda ya ga an haɗe yarensa da wani ba daidai ba, ko an manta da shi, yana iya cike takarda ya kawo hujja, a duba, a ba shi sabuwar lamba ko a hana. Adadin duniya, in an bi diddigi, jimillar irin waɗannan hukunce-hukunce ne.

Ƙa'idar farko da ake bi ita ce fahimtar juna. In mutanen gari biyu suna jin maganar juna ba tare da sun koya ba, harshensu ɗaya ne, bambancin da ke tsakani karin harshe ne. A nan Hausa misali ce mai sauƙi. Basakkwace ya ce "shina tahiya", Bakano ya ce "yana tafiya". Can a ce "biyat" da "hwari" da "ɗiya", nan a ce "biyar" da "fari" da "'ya". Mu nan ƙasar Zazzau ana tsokanarmu da cewa mun jefar da jinsin mace, muna cewa "rigan" da "motan" inda Bakano zai ce "rigar" da "motar". Duk da haka, a haɗa mutumin Damagaram da na Zariya da na Birnin Kebbi a rumfa ɗaya a Kasuwar Barci, za su yi ciniki har da zolaya. Don haka Hausa ɗaya ce a ƙirga, ko da masu ita sun kai miliyoyi da yawa daga Agadas har zangunan Kumasi.

To amma yaya ake auna fahimta, tunda ba abu ba ne da ake ɗorawa a sikeli? Aikin mataki biyu ne, kuma ya kamata a gan shi kusa, don a nan kura-kuran suke shiga.

Mataki na farko jerin kalmomi ne. Mai bincike yana tafe da takarda mai kalmomi ɗari ko ɗari biyu da ake ganin ba a cika aronsu ba: ruwa, wuta, jini, haƙori, rana, wata, ɗaya, biyu, ci, sha, mutu. Wani masani Ba'amurke, Morris Swadesh, shi ya tsara irin wannan jeri a shekarun 1950. Sai a zauna da dattawan gari a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta, a ɗauki murya, a tafi gari na gaba a maimaita. A ƙaddara an yi haka a ƙauyuka biyu da kalmomi 200, aka tarar 176 sun yi kama da juna ta yadda za a gane tushensu ɗaya. Kashi 88 cikin ɗari ke nan. Abin da aka saba bi shi ne, in kamar ta haura kashi 85, akwai alamar karin harshe ɗaya ne. In ta faɗi ƙasa da kashi 60 ko 70, ba sai an wahala ba, harsuna biyu ne. Rigimar tana tsakiya.

A Kudancin Kaduna wannan mataki yana da tarko na musamman, kuma tarkon Hausa ce. Da Hausa mai binciken yake tambaya, don ita ce kowa ke ji. Ya ce, "Baba, me kuke ce wa gishiri?" In dattijon ya gaji, ko kalmar ta kwanta masa, sai ya mayar masa da ta Hausa da ɗan lanƙwasa. Gari na gaba ma haka. Sai takardu biyu su nuna kamar da ba ta gado ba ce, aro ce daga wuri ɗaya. Mai hankali yana tsame duk kalmomin aro kafin ya yi lissafi, kuma ba ya yarda da bakin mutum ɗaya. Yakan tara uku ko huɗu su yi gardama a gabansa har tsohuwar kalmar ta fito. Sau da yawa tsofaffin mata ne ke tuno ta.

Mataki na biyu gwajin saurare ne. A ɗauki muryar wani yana ba da labarin abin da ya taɓa faruwa da shi, na minti biyu ko uku, ba tatsuniya ba, don tatsuniya kowa ya san ƙarshenta. A tsara tambayoyi kamar goma a kan labarin. A fara gwada su a kan 'yan garin mai labarin. Duk tambayar da su ma suka kasa, a jefar da ita, laifin tambayar ne. Sannan a kai ɗaya garin a kunna wa mutum goma, kowa shi kaɗai. In kusan kowa ya ci takwas ko tara, ana fahimta. Amma ba matsakaicin maki kaɗai ake dubawa ba, ana duba yadda makin ya warwatsu. In mutum biyar sun ci goma-goma, biyar sun ci uku-uku, wannan ba fahimtar gado ba ce. Masu goman sun koya ne, ta kasuwa ko ta aure ko ta makaranta. Da na ƙara jan Mama da hira, ashe abokiyar tata a Zonkuwa ta yi aure, cikin Bajju, shekara talatin. Da ita aka yi wa gwajin, da ta rikita lissafin.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta iya kamawa, wato ra'ayin mai saurare. A 1959 wani masani, Hans Wolff, ya ba da rahoton abin da ya gani a yankin Neja Delta tsakanin Nembe da Kalabari, harsuna biyu masu kusanci ƙwarai. Mutanen Nembe suka ce suna jin Kalabari. Mutanen Kalabari, waɗanda a lokacin suka fi arziki da tashe, suka ce su sam ba sa jin Nembe. Kowane Bahaushe ya san irin wannan kurumtar. Kalmar "yare" da kanta tana ɗauke da ita: ba ka cika jin Bahaushe ya kira Hausa yare ba, yare na wasu ne, kuma daga sunan Gwari muka ƙero "gwaranci". Mai ƙarfi bai cika jin bakin na ƙasa da shi ba, na ƙasan kuwa dole ya ji nasa.

Babbar matsalar ita ce sarƙa. A ce ƙauyuka huɗu ne a jere a bakin hanya. Na farko yana jin na biyu, na biyu yana jin na uku, na uku yana jin na huɗu, amma na farko da na huɗu sai da tafinta. A ina za a sa wuƙa? Duk inda aka yanka, an raba maƙwabta biyu masu jin juna. In an ƙi yankawa, an haɗa mutanen da ba sa ji. Fulatanci haka yake daga Senegal har Sudan. Bafulatanin Futa Toro yana jin na Masina, na Masina yana jin na Sakkwato, na Sakkwato yana lallaɓawa da na Adamawa, amma ƙarshe da ƙarshe sai an sha wuya. Rajistar ta yanka shi gida tara, ta ba na Nijeriya fuv, na Adamawa fub, sannan ta rufe su duka da wata babbar lamba, ful, don kada a ce ta musanta cewa Fulɓe al'umma ɗaya ce. Larabci ma an yi masa haka, kusan gida talatin, ciki har da na Shuwa Arab na Barno da Cadi. Ka faɗa wa malamin zaure cewa Larabci talatin ne ka ga yadda za ku kwashe. Shi a wurinsa Larabci ɗaya ne, na Alƙur'ani, sauran lalacewar baki ce. Kuma ba shi da laifi, ma'auninsa ne daban: shi littafi yake dubawa, su kuma kunnen mutumin da bai je makaranta ba.

Ƙa'idar ta san da wannan, shi ya sa ta bar ƙofofi biyu. In fahimta ta yi rauni amma mutane suna da adabi ɗaya da suna ɗaya da suka yarda da shi, ana iya barinsu harshe ɗaya. In kuma suna jin juna sarai amma kowa ya kafu a kan cewa shi al'umma ce daban, ana iya raba su. Ta ƙofa ta biyu Hindi da Urdu suka zama biyu, ko da yake a kasuwar Delhi ko Lahore magana ɗaya ce. Ɗaya da rubutun Indiyawa, ɗaya da haruffan Larabci. Haka Sabiyanci da Kuroshiyanci da Bosniyanci, waɗanda kafin wargajewar Yugoslabiya suna ɗaya ake kiransu da shi.

A dawo gida a ga yadda wuƙar ta faɗa. A ƙarƙashin lambar Tyap ba Atyap na Zangon Kataf kaɗai aka sa ba. An haɗa da bakin Kagoro, da na Marwa, da na Atakar, da na Fantswam, wato ainihin 'yan ƙasar Kafanchan. Kowannensu yana da sarautarsa da sunansa da bikinsa, kuma da yawa daga cikinsu ba za su yarda a ce Tyap suke yi ba. Jju kuwa, da ke kusa da su ƙwarai, an ware shi. A yankin Lere, Gure da Kahugu ƙabilu biyu ne a idon kowa, amma lamba ɗaya aka ba su. Gwari da muke kira da suna ɗaya, biyu ne a rajista, Gbagyi da Gbari. Ga kuma Gwandara, ɗan'uwan Hausa mafi kusa a duniya, wanda labarin baka ya ce kakanninsu daga Kano suka fita suna cewa "gwanda rawa da salla". Ƙarnukan da suka yi a tsakiyar wasu harsuna a Nasarawa da kewayen Abuja sun canza bakinsu har Bahaushe ba ya ji sai tsinta-tsinta, don haka suna da lambarsu. A ganina wannan hukuncin na Gwandara babu gardama a kansa. Na Tyap da Jju kuwa, da wani ne ya riƙe wuƙar, yana iya fitar da ɗaya, yana iya fitar da shida.

Sunaye ma sun sha ruɗa masu ƙirga. Turawa sun zo sun tarar da sunayen da Hausawa suka raɗa: Kataf, Kaje, Jaba, Kadara, Cawai. Mutanen kuwa suna kiran kansu Atyap, Bajju, Ham, Adara, Atsam. Ga sunan harshe daban da na mutane, ga sunan gari. Wanda ke zaune a ofis yana haɗa tsofaffin rahotanni yana iya rubuta harshe ɗaya sau uku. Akasin haka ma yana faruwa: sunan Koro an liƙa shi a kan harsuna da dama da ba ɗaya ba ne. Wannan share-share na daga cikin abin da ya sa adadin Nijeriya ya tashi daga 394 a wani ƙidayar masana ta 1976 zuwa fiye da 500 a yau.

Wani zai ce me ya hana a tambayi gwamnatoci kawai. Ƙidayar jama'a ta Nijeriya ta 2006 ba ta tambayi ƙabila ba, saboda tsoron abin da amsar za ta haifar, don haka yawan masu kowane harshe a nan ƙiyasi ne. Indiya kuwa tana tambaya, kuma abin da ta samu a 2011 ya isa darasi. Mutane suka ba da sunaye 19,569 na harshen uwa. Ma'aikata suka tace suka mayar da su 1,369. Sannan suka tattara su ƙarƙashin harsuna 121, don ba sa bayyana wanda masu shi ba su kai dubu goma ba. Bhojpuri, mai mutane sama da miliyan hamsin, an cusa shi cikin Hindi. Ethnologue kuma ya ce Indiya tana da kusan 450. Ƙasa ɗaya, amsa huɗu.

Duk da wannan tangal-tangal, akwai abin da ba ya motsi ko wane ma'auni aka ɗauka: harsunan ba su bazu daidai a doron ƙasa ba. Papuwa Niyu Gini, wadda girmanta rabin Nijeriya ne, tana da kusan 840. Indonesiya tana da sama da 700, Nijeriya sama da 500, Indiya kusan 450. A haɗa huɗun nan an haura 2,500, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duniya. Turai gaba ɗayanta ba ta kai 300 ba. Jamhuriyar Nijar ta fi Nijeriya faɗin ƙasa, amma harsunanta kusan ashirin ne. Sai dai a lura, harshe ɗaya yana shiga lissafin kowace ƙasar da ake yinsa, shi ya sa in ka tara na ƙasashe duka za su wuce jimillar duniya, kuma ƙasa irin Amurka tana hawa sama a jerin ne idan an sa harsunan baƙi.

Wanda yake son ganin dalilin ba sai ya je Papuwa ba. Ya tashi daga Katsina ya biyo ta Funtuwa da Zariya ya iso Kaduna: tafiyar kusan wuni, harshe ɗaya zai kai shi, sai Fulatanci a rugage. Ya wuce Kaduna ya nufi Kachiya da Zonkuwa da Kagoro: cikin awa uku zai ratsa Gbagyi da Adara da Ikulu da Bajju da Atyap, ga Ham a gefe wajen Kwoi. Jihar Kaduna ita kaɗai tana da harsuna fiye da hamsin, kusan dukansu daga tsakiyarta zuwa kudu da gabas. Wani abu yana canzawa a kan wannan hanya.

Abu na farko damina ce. Wani masani Baturen Ingila, Daniel Nettle, wanda ya yi aiki a kan harshen Fyem a Filato, ya auna wannan a Afirka ta Yamma a shekarun 1990, ya ga cewa yawan harsuna yana bin tsawon lokacin noma. A Katsina damina wata huɗu ce, wata shekarar ma ta yi gardama. Manomin da gero ɗaya yake jira a shekara ba zai iya dogara da ƙauyensa kaɗai ba. In fari ya zo, kamar na 1973, dole ya sami inda zai nufa: 'yar'uwa da aka aurar nesa, aboki a wata kasuwa, ci-rani a birni, fatauci da jakuna. Rayuwarsa tana rataye da zumunci mai faɗin ɗaruruwan kilomita, kuma zumunci ba ya tafiya sai da baki ɗaya. A Kagoro kuwa ruwa yana kai wata shida zuwa bakwai. Ga doya, ga acca, ga gwaza, ga dawa, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Mutum dubu biyar a gindin dutse ɗaya suna iya ci da kansu, su yi aure a junansu ko da maƙwabta na kusa, shekara ɗaruruwa. Harshe kuwa kullum cikin sauyawa yake, kowane zamani da ɗan abin da yake ƙarawa; abin da ke hana shi rabewa shi ne cuɗanya. Inda babu tilas a cuɗanya, kowane kwari sai ya bi tasa hanyar. Shi ya sa ƙasashen da ke saman jerin kusan duk suna yankin zafi da ruwa, kusa da tsakiyar duniya.

Ana yawan cewa duwatsu ne sila, kuma suna da nasu rabo. Duwatsun Kagoro da na Kauru da Filato sun zama mafaka ga ƙananan al'ummomi a zamanin hare-haren neman bayi daga masarautu, doki ba ya hawa inda suke. Amma dutse shi kaɗai bai isa bayani ba. A Papuwa, manyan harsuna irin su Enga a kan tsaunuka suke, cunkoson ƙanana kuwa ya fi yawa a ƙasa, a fadamun kogin Sepik da bakin teku, inda mutane ke ziyartar juna da kwalekwale kullum. Can mutum ɗaya yana iya jin harshe huɗu ko biyar, kuma wannan ne ma ya sa babu wanda ya ga dalilin barin nasa. Masu bincike sun ba da labarin ƙauyen da ya zauna ya yanke shawarar canza kalmarsa ta "a'a" don kawai ya bambanta da maƙwabta. Wato dai "nata daban, nawa daban" ba rashin sani ba ne, zaɓi ne.

Abu na biyu daɗewa. Mutane sun fi shekara dubu arba'in a tsibirin Niyu Gini, babu wata daula da ta taɓa share su. Yankinmu ma tsohon mazauni ne. Gumakan yumɓu na Nok, da aka fara tonowa a 1928 a ƙasar Jaba, sun haura shekara dubu biyu. Manyan zuriyoyin harsunan Afirka uku sun haɗu a Nijeriya: wadda Hausa da Angas da Bole suke ciki, wadda Tyap da Yarabanci da Fulatanci suke ciki, da ta Barebari. Harsunan Bantu kuwa, su Swahili da Zulu, da suka mamaye kusan rabin nahiyar ta kudu, daga iyakar Nijeriya da Kamaru suka taso. Inda itace ya fi daɗewa, nan rassansa suka fi yawa.

Abu na uku shi ne wanda na fi ba nauyi, wato sarauta. Ƙasar da ke da harshe kaɗan, galibi ba haka ta taso ba, wani ne ya cinye saura. A Faransa, wani rahoto na 1794 ya nuna cewa 'yan tsiraru ne ke iya Faransanci sosai. Makaranta da aikin soja da gwamnati suka gama da sauran. Hausa ma ta yi irin wannan ci. Birane masu ganuwa, kasuwanni, makarantun allo, sannan daular da ta biyo bayan jihadin 1804, har Fulanin da suka karɓi mulki suka wayi gari jikokinsu Hausa suke yi. Turawa suka zo suka mayar da ita harshen mulki a Arewa, aka daidaita rubutunta a kan Kananci, aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. A ƙasar Bauchi akwai harsuna irin su Ajawa da suka ɓace cikin Hausa tun farkon ƙarnin da ya wuce. Filin da yau muke gani na harshe ɗaya, a gefunansa akwai kaburburan wasu.

Saura abu ɗaya da masu jera ƙasashe suke mantawa: iyaka. Harsuna ba su taru a Nijeriya ba, Nijeriya ce aka zana a kansu. Akwai wani ɗamara na cunkoson harsuna da ya ratsa Afirka daga Senegal zuwa Habasha, kuma inda ya fi kauri shi ne tsakiyar Nijeriya da yammacin Kamaru. Haɗewar 1914 ta zuba babban rabonsa a buhu ɗaya. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankin Kamaru da ke hannun Ingila. Arewacinsa, su Mubi da Gwoza da tsaunin Mambila, ya zaɓi Nijeriya ya zama lardin Sardauna. Kudancinsa ya bi Kamaru. Duka ɓangarorin cike suke da ƙananan harsuna, kuma da ƙuri'ar ta juya, da gomman harsuna sun koma wani layi a jadawalin ba tare da ko mutum ɗaya ya canza bakinsa ba. Indonesiya ma haka: ɗaruruwa daga cikin nata suna yammacin tsibirin Niyu Gini ne, wanda ta karɓa a shekarun 1960 bayan fitar Holan. Ƙasa ta ɗaya da ta biyu a jerin, tsibiri ɗaya suke rabawa, mai harsuna fiye da dubu.

Wurin da ƙirgar ta fi rauni shi ne wajen cirewa. Ba a goge harshe daga jerin masu rai sai an tabbatar babu sauran mai yinsa, kuma tabbatar da haka yana bukatar wani ya je ya duba. A yankin Lere akwai Sheni, wanda tun farkon shekarun 2000 masu bincike suka tarar 'yan tsofaffi ƙalilan ne suka rage da shi, sauran gari duk Hausa. Harshe mai mutum shida da mai miliyan sittin, kowanne ɗaya ne a jimilla. Ethnologue yana ƙoƙarin cike wannan giɓi da wani ma'auni na daban da ke tambayar ko yara suna koyon harshen a gida, kuma a kansa ne ya ce kusan kashi arba'in cikin ɗari na harsunan duniya suna cikin haɗari. Wannan tambayar ba ta bukatar na'ura. A motar nan, Mama tana riƙe da jikanta ɗan shekara kamar shida, haihuwar Sabon Tasha. Daga Kachiya har Zonkuwa tana yi masa magana da Jju, yana jin komai, yana amsa mata da Hausa.